Minti Biyar ɗin Direban Alkahira

Idan direban tasi a Alkahira ya ce muku "saura minti biyar", ku gyara zama. Daga ƙarfe 2 na rana, lokacin tashin ma'aikata, Gadar 6 Oktoba takan koma garejin mota mai tsawon kilomita 20. Kowa na danna oda, sai ka ce ƙarar ce za ta ture motar gaba. A nan nake kiran Umma, ta ba ni labarin dangi kaf, ko Ramsis ba mu wuce ba.

Shi ya sa ranar jarrabawa ba na caca da titi. Jirgin ƙarƙashin ƙasa nake shiga, taragon mata. Akwai matsi kam, amma gara in isa a yamutse da in tarar an karɓe takardu.