Ramin maɓalli da ba ya buɗewa: Abin da ya bambanta saƙar layi ɗaya da ta layi biyu

Da zarar watan Nuwamba ya kama, hazon hunturu ya fara sauka a Sakkwato, cinikin kayan sanyin yara yakan tashi, tun daga Babbar Kasuwa har zuwa gidajen mata masu saƙa a unguwanni irin su Mabera da Runjin Sambo. Sai dai akwai matsalar da ba a ganinta ranar saye: bayan wanki biyu ko uku, sai a ga rigar tana buɗewa da kanta, ƙirjin yaro a waje da sanyin asuba.

Sau da yawa akan ɗora laifin a kan maɓalli, alhali ramin da yake shiga ne ya saki. Ga mai saƙa kuwa, rigar da aka dawo da ita asarar zare ce da lokaci, har ma da mai saye.

A hunturun Sakkwato ana sanyi da safe, rana ta yi zafi, don haka ana ɓalle riga a mayar sau da dama a yini. Ga shi kuma yawancin zaren da ake kira ulu a kasuwa na roba ne, wanda idan ya miƙe ba ya komawa kamar gashin tumaki na ainihi.

Hanyar layi biyu

Wannan ita ce hanyar da aka fi koya wa masu farawa. A nan “ido” na nufin kowane ƙullin zare da ke kan tsinken saƙa. A layin farko, idan an iso wurin ramin, sai a rufe ido uku kamar yadda ake rufe bakin saƙa, a ƙarasa layin. A layi na biyu, idan an dawo kan giɓin, sai a naɗa sabbin ido uku da yatsa a ɗora a tsinke, a wuce.

Rauninta wuri biyu ne. Na farko, idanun da aka naɗa da yatsa ba su da gindi: zare ɗaya ne ya ratsa su, duk wanda aka ja sai ya ari zare daga na kusa da shi, leɓen sama ya yi sako-sako. Na biyu, kusurwar da aka fara rufewa takan bar wani zare mai reto, kuma a kusurwa ne maɓalli yake jingina idan yaro ya motsa.

Hanyar layi ɗaya

Ita wannan ana gama ramin ne baki ɗaya kafin a bar layin. A ɗauki misalin rigar ɗan shekara ɗaya, wadda ake saƙa bakin gabanta daga ƙasa zuwa wuya da ido 8.

Mai saƙa za ta saƙa ido 2. Sai ta kawo zare gaba, ta ɗauke ido na 3 zuwa tsinken dama ba tare da ta saƙa shi ba, ta mayar da zaren baya ta bar shi a nan. Wannan zagayen shi ne ɗaurin kusurwar farko.

Daga nan ta ɗauke ido na 4, ta tsallakar da na 3 ta kansa. Ta ɗauke na 5, ta tsallakar da na 4. Ta ɗauke na 6, ta tsallakar da na 5. An rufe ido uku ke nan ba a taɓa zaren aiki ba. Sai ta mayar da ido na 6 tsinken hagu.

Yanzu ta juya saƙar, zare yana baya. Ta sa tsinke tsakanin ido biyun farko, ta jawo zare, ta ɗora sabon idon a tsinken hagu. Ta maimaita, kullum tsakanin biyun farko, har sabbin idanu su kai 4, wato ƙarin ɗaya kan waɗanda aka rufe. Kowane ido yana fitowa ne ta tsakanin waɗanda suka riga shi, shi ya sa leɓen yake zama kamar igiya.

Ta sake juyawa, ta ɗauke ido na 6 zuwa dama, ta tsallakar da wancan ƙarin idon ta kansa, ta ja zare ya kama. Kusurwa ta biyu ta ɗauru. Idan ta ƙirga, za ta ga 6 a dama, 2 a hagu, jimla 8 kamar yadda ta fara. Idan ta ga 9, ta manta tsallakarwar ƙarshe.

Ido nawa za a rufe?

Ko da an bi hanya mai kyau, ramin da ya fi maɓalli girma ba zai riƙe ba. Da zare matsakaici da tsinke mai milimita 4, akan samu ido kusan 22 a santimita 10, wato kowane ido ya kai milimita 4 da rabi. Ido uku sun ba da kusan milimita 13 da rabi, wanda ya dace da maɓalli mai faɗin milimita 15. Ido huɗu kuwa milimita 18 ne, maɓallin zai riƙa zamewa.

Ƙa’idar ita ce ramin ya ɗan gaza maɓallin, ya shiga da ɗan turi. Tunda hannu ya bambanta, gara a sayi maɓallin tukuna, a saƙa ɗan ƙyalle a yi rami biyu, ɗaya da kowace hanya. A wanke, a shanya, a zura maɓallin a fitar sau 20, sannan a ja gefe da gefe. Ramin da ya koma tsaga siririya ya yi. Wanda ya tsaya a hangame kamar ƙwai ya saki.

Kowace da iyakarta

Hanyar layi ɗaya ta fi ƙarfi, amma leɓenta ba ya miƙewa sosai. Mai matse hannu za ta iya samun ramin da maɓalli ba ya wucewa, sai ta ƙara ido ɗaya. Tana kuma da wuyar warwarewa idan an yi kuskure, sannan a saƙa mai gwara-gwara irin ta bakin hannun riga takan bar ɗan layi da ake gani.

Hanyar layi biyu ta fi sauƙi, kuma ana iya gyara ta. A layin dawowa, maimakon naɗi da yatsa, a juya saƙar a ɗora idanun ta tsakanin ido biyu kamar yadda aka bayyana. A layin da ke biye, a tsinto zaren da ke reto a kusurwa a haɗa shi da idon kusa a saƙa su tare. Da haka tana kusantar ta layi ɗaya, ko da yake ramin ya fi tsayi kaɗan.

Ga rigar yaro da za a ɓalle kullum, musamman da zaren roba, layi ɗaya ya fi dacewa. Layi biyu ya fi amfani idan maɓallin mai kauri ne, yana buƙatar ramin da zai ɗan ba da hanya.

Idan rigar ta riga ta saki

Ba sai an warware ba. A sa zare mai launin rigar a allura, a bi bakin ramin da ɗinki kusa-kusa, a yi ƙarin ɗinki biyu a kowace kusurwa, ana gwada maɓallin kafin a ƙulle. Ko kuma a sauya maɓallin da wanda ya ɗara shi, a ɗinke shi da kyau don kada yaro ya cire ya kai baki.

Wanki ma na da nasa rabon. Rigar da aka rataya a igiya tana ɗigar ruwa, nauyinta yakan ja ramukan, dutsen guga mai zafi kuma yana kashe zaren roba har abada. A matse ruwan cikin tawul, a shimfiɗa rigar a kwance a inuwa, maɓallanta a saka, har ta bushe.