Ƙarfin gaba daban, ƙwayar haihuwa daban

Idan aure ya shekara biyu babu ciki, mace ake fara kallo. Ita za ta sha jiƙo, ita za a kai wa mai magani, wataƙila ma ita za a yi wa kishiya. Maigida kuwa, muddin yana biyan buƙatar iyalinsa da dare, ba ya kawo wa ransa cewa matsalar daga gare shi take. Amma likitoci sun daɗe da sanin cewa a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, akwai hannun namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Namiji na iya zama da cikakken ƙarfi alhali maniyyinsa ba ya ɗauke da ƙwaya ko ɗaya.

Ƙwayar haihuwar namiji tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta haɗu a cikin 'ya'yan maraina, sannan ta ƙara kusan mako biyu a hanya kafin ta fito. Wato abin da ya sami jikin mutum yau, sai bayan wata biyu ko uku zai bayyana a gwaji, kuma duk gyaran da ya yi haka zai jira. Mai maganin da ya yi maka alkawarin sakamako cikin kwana bakwai, ba ƙwayar haihuwa yake gyarawa ba.

Mu ɗauki misalin direban babbar mota mai shekara 38, tsawonsa mita 1.70, nauyinsa kilo 98, yana shan kwalin taba a rana. Ya je gwajin maniyyi, aka ce ya ƙaurace wa iyalinsa kwana biyu zuwa bakwai kafin ya kawo. Sakamako ya nuna ƙwaya miliyan 9 a kowace mililita. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya sa iyakar ƙasa a miliyan 16, kuma aƙalla 30 cikin 100 su kasance masu iyo suna yin gaba. Nasa ya gaza. Sai dai likita mai lura zai fara tambayarsa ko ya yi zazzaɓi kwanan baya. Idan maleriya ta kwantar da shi mako shida da suka wuce, wannan kaɗai ya isa ya zubar da adadin, kuma yakan farfaɗo da kansa. Shi ya sa ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya. Ana maimaitawa bayan wata uku.

Dalilin da zazzaɓi ke yin wannan ɓarna shi ne zafi. An halicci maraina a wajen jiki ne domin aikinsu yana son sanyin da ya yi ƙasa da na jiki da digiri biyu zuwa uku. Direban da ke zaune awa goma cinyoyi a haɗe, da mai gidan burodi a bakin tanda, da maƙeri, duk an ga alamun raguwar ingancin maniyyi a irin sana'o'insu, ko da yake raguwar ba ta cika yin tsanani ba kuma takan koma idan an sami sauƙin zafin. Zafin da ya fi cancantar a bincika yana cikin jiki ne: kumburin jijiyoyin maraina, galibi a hagu, inda jini ke taruwa ya ɗumama wurin. Kusan namiji 15 cikin 100 na da shi, likita na gane shi da hannu idan mutum yana tsaye, kuma ana yi masa aiki idan ya taɓa maniyyi.

Ƙibar direban namu ma tana cikin lissafi. Ana raba nauyi da tsawo sau tsawo: 98 a raba da 2.89 ya ba da kusan 34, alhali daga 30 ne ake kiran mutum mai ƙiba. Kitse ba ajiya ba ne kawai. A cikinsa akwai sinadarin da ke juya testostiron, sinadarin mazantaka, ya koma istirojin na mata, sai ƙwaƙwalwa ta rage umarnin da take aika wa maraina. Gaskiya ita ce, a wajen maza ba a tabbatar sosai cewa rage nauyi kaɗai na kawo haihuwa ba. A wajen mata ne hujjar ta fi ƙarfi. Macen da al'adarta ke tsallake watanni, ga ƙiba, ga gashi a haɓa, sau da yawa ba ta sakin ƙwai a kan lokaci, kuma rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta, wato kilo huɗu da rabi zuwa tara ga mai kilo 90, kan dawo da sakin ƙwan. Rama mai tsanani ita ma tana tsayar da al'ada. Abin da ke damuna a nan shi ne amaryar da ake ɗura wa ƙwayoyin sa ƙiba don ta yi kyau, ba a san ana iya rikita mata al'ada ba.

Taba ba ta buƙatar dogon bayani. Tana rage yawan ƙwayoyin namiji da kuzarinsu, tana lalata ƙwayar gadon da ke cikinsu. Ga mace ta fi muni, domin ƙwayayenta ƙidayayyu ne tun haihuwa: mai shan taba takan daina al'ada da wuri, kuma ta fi fuskantar ɓari da cikin da ke zama a wajen mahaifa. Matar da ke shaƙar hayaƙin mijinta a ɗaki ba ta tsira ba. Shisha kuwa taba ce, ruwan da hayaƙin ke ratsawa ba ya tace dafinsa.

Sai magungunan da ake tallatawa da lasifika a tasha da kasuwa. Kusan dukkansu ba a taɓa gwada su a kan mutane an ƙirga jariran da aka haifa ba, kuma wannan shi ne ma'aunin. Lambar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya tana nufin an duba rashin cutarwarsa ne, shi ya sa za ka ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama kayan "ƙarfin maza" da aka cakuɗa da sildenafil, ƙwayar asibiti mai tayar da gaba. Mutum zai ji canji a daren, ya ɗauka haihuwa ta zo, alhali adadin ƙwayoyinsa bai motsa ba. Idan kuma yana shan maganin ciwon zuciya mai nitiret, haɗuwar biyun na iya faɗar da jininsa har ya halaka.

Kasancewar abu daga tsiro ba ya sa shi zama mai taimako. A ƙasar Sin an gano cewa ɗanyen man angurya na hana maza haihuwa, har aka gwada sinadarinsa a matsayin maganin tsarin iyali a shekarun 1970. Allurar testostiron da wasu ke karɓa a kemis don ƙarin ƙarfi ita ma tana tsayar da samar da maniyyi, wani lokaci har ya koma babu, kuma farfaɗowa kan ɗauki watanni. Ga mata, matsin da ake haɗawa da kanwa ko alif na iya ƙone fatar farji, tabo ya toshe hanya, abin da likitocin mata a Nijeriya suka sha gani. Ko bitamin na kantin magani, wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2020 bai ga sun ƙara wa maza ingancin maniyyi ko yawan haihuwa ba.

Babbar asarar da waɗannan kwalabe ke jawowa ita ce lokaci. Toshewar bututun mahaifa sakamakon tsohon ciwon sanyi ba ta buɗewa da jiƙo, kuma ƙwan mace na raguwa da sauri bayan shekara 35. Ƙa'idar asibiti ita ce shekara ɗaya ana saduwa ba tare da kariya ba, ko wata shida idan matar ta haura 35, sai miji da mata su je tare, a fara da gwajin mijin domin shi ya fi sauƙi da araha.