Mako Huɗu Don Babin Haske: Yadda Na Tsara Bitata Kafin WASSCE



A jarrabawar gwaji da muka yi, tambayoyin haske ne suka kayar da ni a fiziks. Abin haushin shi ne duk ƙa'idojin suna kaina, na haddace su tsaf. Da aka dawo mana da takardu na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya, sai na ga kuskure biyu ne kacal nake ta maimaitawa: ina auna kusurwa daga inda bai kamata ba, kuma ina zubar da alamar ragewa idan ta fito a lissafi. Na kai wa malaminmu na fiziks, ya duba, ya ce, "Ka zana kafin ka lissafa?" Na ce a'a, Malam. Ya ce to nan ne ciwon.

A kan wannan maganar na gina tsarin mako huɗun nan. Dokarsa ɗaya ce: a kowace tambaya, zane da farko, sai lissafi, sannan ka koma ka tambayi zanen ko ya yarda da amsar.

Yadda ake raba rana

Awa ɗaya da rabi ta isa. Minti arba'in da biyar da sassafe don sabon karatu da zane, sauran da dare don tsofaffin tambayoyin WAEC guda biyar ko shida. Ranar Juma'a hutu. Ranar Asabar ka yi wa kanka gwaji na awa ɗaya, littafi a rufe, ranar Lahadi kuma ka gyara. Ka ware ƙaramin littafi na kurakurai, ka riƙa rubuta dalilin da ya sa ka faɗi tambaya, ba amsar kawai ba. Kamar yadda ba ma ɗora sabuwar hadda sai mun yi muraja'ar ta baya, kowace Litinin da wannan littafin za ka fara. Kayan aiki kuwa ba su da tsada: rula, ma'aunin kusurwa, fensir mai tsini, kalkuleta, da cokali.

Mako na ɗaya: madubi

Wannan makon na dawowar haske ne, abin da ake kira in'ikasi da Larabci. Kwana biyun farko ka koya wa hannunka abu ɗaya: duk inda haske ya taɓa madubi, ja layi a tsaye cak a kan wurin, wato nomal. Daga wannan layin ake auna kusurwa, ba daga fuskar madubi ba. Idan tambaya ta ce haske ya yi digiri 30 da fuskar madubi, kusurwar sauka 60 ce, ta dawowa ma 60. Ni 30 na rubuta a gwaji, maki ya tafi.

Sauran kwanakin na madubi mai lanƙwasa ne, nan cokali zai yi aiki. Kalli bayansa, za ka ga fuskarka ƙarama, a miƙe, kome nisan da ka riƙe shi. Shi ya sa ake sa irin wannan madubin a gefen mota, yana kwaso fili da yawa. Juya cikinsa kuma, fuskarka ta kife. Wannan mai zurfin yana tara haske a wuri ɗaya da ake kira fokas, kuma nisan fokas rabin radiyos ne, f = r/2. Kafin Asabar ka zana abu a wurare biyar gaban madubi mai zurfi, daga nesa har cikin fokas, ka rubuta halin hoton kowanne.

Mako na biyu: karyewar haske

Inkisari ke nan. Haske yana rage gudu idan ya bar iska ya shiga ruwa ko gilashi, sai ya karkata wajen nomal. Ƙa'idar ita ce n = sin i / sin r. A littattafanmu sunan Snell take ɗauke da shi, amma Ibn Sahl ya rubuta ta a Bagadaza wajen shekarar 984, fiye da shekara ɗari shida kafin shi.

Ga misali. Haske ya shiga gilashi mai n = 1.5 a kan digiri 30. To sin r = 0.5/1.5 = 0.333, sai r ta zama kusan digiri 19.5. Koma ga zane: r ta fi i ƙanƙanta, hasken ya matso nomal, daidai ke nan. Idan ka samu r ta fi 30, ka kifar da rabon. Kuma kafin ka fara komai, danna sin 30 a kalkuleta. In ta ba ka 0.5, bismilla. In ta ba ka −0.988, tana kan radiyan, gyara ta tun kafin ta ɓata maka takarda gaba ɗaya.

Ranar Laraba ka jefa kwabo cikin bokiti. Ruwa mai zurfin santimita 40 zai yi maka kamar 30 idan ka leƙa daga sama, domin n na ruwa 4/3 ne. Ranar Alhamis kuma ta kusurwar iyaka ce, sin c = 1/n, wadda a gilashi take kusan digiri 42. Sharuɗɗa biyu ne kafin haske ya koma ciki gaba ɗaya: ya kasance yana fitowa daga gilashi ko ruwa zuwa iska, kuma kusurwarsa ta wuce ta iyaka. Da yawanmu na biyun kawai muke rubutawa, mu sami rabin maki.

A wannan makon ne ya kamata ku roƙi Malam ya buɗe muku ɗakin gwaji, ku yi aikin tubalin gilashi da allurai, don irinsa na yawan fitowa a takardar aikin hannu. Allurai su tsaya a miƙe, tsakaninsu ya kai santimita biyar, kuma gindinsu za ka jera da ido, ba kawunansu ba. Idan ka zana giraf na sin i a kan sin r, gangaren layin shi ne n. In ya fito kusa da 1.5 ka yi aiki. In ya fito wajen 0.67, ka musanya gefunan giraf ɗin.

Mako na uku: lensi

Nan ne nauyin yake, kada ka yi sauri. Lensi mai kumburi a tsaka yana tara haske, mai siririn tsaka yana watsa shi. Ƙa'idar 1/f = 1/u + 1/v ce, inda u nisan abu, v nisan hoto. Tsarin alamun da aka koya mana shi ne: hoton gaske, wanda za a iya tarawa a kan farar takarda, yana da alamar ƙari. Hoton gizo, wanda ido kawai ke gani ta cikin lensi, yana da alamar ragewa. Wasu littattafan suna bin wani tsarin dabam. Ka riƙe ɗaya, kada ka gauraya.

Mu ɗauki lensi mai tarawa, f = 10 cm, mu ajiye kyandir a nisan santimita 15. Zana tukuna. Layi ɗaya ya tashi daga kan harshen wutar, ya tafi kafaɗa da kafaɗa da layin tsakiya, ya shiga lensi ya ratsa ta fokas. Na biyu ya bi ta cibiyar lensi bai karkata ba. Za ka ga sun haɗu a ɗaya ɓangaren, a ƙasa da layin tsakiya, can nesa. Yanzu lissafi: 1/v = 1/10 − 1/15 = 1/30, don haka v = 30 cm. Girma kuma v/u = 30/15 = 2. Hoton na gaske ne, a kife, ninki biyu. Zane da lissafi bakinsu ɗaya. A kula: 1/30 ba ita ce amsa ba, sai ka juya ta. Wanda ya rubuta 0.033 cm ya tsaya a rabin hanya.

To matso da kyandir ɗin zuwa santimita 5, cikin fokas. Lissafi ya ba da 1/v = 1/10 − 1/5 = −1/10, wato v = −10 cm. A gwaji na ɗauka kuskure na yi, na goge alamar. Ashe ita ce amsar. A zane layukan biyu ba sa haɗuwa bayan lensi, sai rabuwa suke yi, sai ka ja su baya da ɗigo-ɗigo kafin su haɗu a ɓangaren da kyandir yake. Hoton gizo ne, a miƙe, shi ma ninki biyu. Haka gilashin ƙara girman rubutu yake aiki. Kun ga lensi ɗaya, girma ɗaya, amma hoto biyu mabambanta, kuma alamar nan ce kaɗai ta raba su a lissafi.

Ka rufe makon da ido. Mai ganin kusa kawai, hotonsa na faɗawa kafin ya kai bangon ido, maganinsa lensi mai watsawa, f ɗinsa da alamar ragewa. Mai ganin nesa kawai, lensi mai tarawa.

Mako na huɗu: haske a matsayin igiya

Kwana uku sun isa sabon karatu. Fara da v = fλ, amma lura, wannan f ɗin firikwansi ce, ba fokas ba. Haske mai tsawon igiya nanomita 600 idan ya shiga gilashi mai n = 1.5, gudunsa yana sauka daga 3 × 10⁸ zuwa 2 × 10⁸ m/s, tsawon igiyar ya koma 400. Firikwansi ba ta canjawa, domin tushen hasken ne ke yanke ta. Suna son wannan tambayar ƙwarai.

Sai abubuwa uku da za ka iya bayyanawa da bakinka. Bazuwa: da dare kalli ƙwan lantarki mai nisa ta cikin siririn mayafi, za ka ga hasken ya watsu gefe da gefe, sama da ƙasa, saboda ya ratsa ƙananan ramukan saƙa. Haɗuwar igiyoyi: a gwajin Thomas Young haske yana bi ta tsaga biyu, inda tudu ya gamu da tudu a sami layi mai haske, inda tudu ya gamu da kwari a sami duhu, kuma dole tsagogin su sha daga tushe ɗaya. Na uku folaraizeshan, hujjar cewa igiyar haske a gicciye take kaɗawa. Sauti ba ya yin haka, don shi gaba da baya yake kaɗawa.

Kwanakin da suka rage ba sabon abu. Cikakkiyar takarda ɗaya da agogo a gabanka, sai littafin kurakurai. Duk kuskuren da ya fito sau biyu a ciki, shi ne karatunka na ranar ƙarshe.

Wani aboki ya ce mini zane yana cin lokaci. Na auna da agogo: zanen lensi da hannu, ba tare da awo ba, bai kai minti ɗaya ba. Ranar Asabar da ta wuce na sake yin takardar gwajin nan da ta kayar da ni. Da na zo kan tambayar lensi, −10 ta sake fitowa, na dubi zanen, na bar alamar a wurinta.

Allah Ya ba mu sa'a baki ɗaya. Wassalam.