Cinikin rumfa da cinikin bayan rumfa: yadda ƙananan 'yan kasuwa ke samun masu sari a baje koli

Kowace shekara ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu masana'antu kan shirya manyan kasuwannin baje koli: ta Abuja a filinta da ke kan hanyar filin jirgin sama, ta Kaduna a Rigachikun kan hanyar Zariya, ta Kano kuma a titin Gidan Zu. A tsakanin rumfunan bankuna da manyan kamfanoni akan tarar da masu ƙaramin jari, wato masu kilishi, da man gyaɗa, da turaren wuta, da takalman fata. Da yawansu kan koma gida suna ƙorafin cewa ciniki bai mayar da kuɗin rumfa ba. Sau da yawa gaskiya suka faɗa, sai dai sun tsayar da lissafin tun bai kai ƙarshe ba.

A ɗauki misalin wata mai haɗa yajin daddawa a Gwagwalada. A ƙaddara kuɗin rumfa naira 200,000 ne na kwana goma. Ita kaɗai ba za ta iya ba, amma ƙungiyarsu ta mata masu sarrafa abinci ta kama rumfar da sunanta, mutum huɗu suka raba, kowa ta ba da 50,000. Kuɗin mota da abinci da ladan mai taya ta tsaron rumfa sun ci 40,000, buga takardar liƙawa da yajin ɗanɗano na kyauta kuma 30,000. Jimilla 120,000 ke nan. Idan ribar kowace roba naira 400 ce, sai ta sayar da roba 300 kafin ta mayar da abin da ta kashe. Ta sayar da 180, ribar ta tsaya a 72,000, saura 48,000 ba su dawo ba.

To amma a cikin waɗanda suka ɗanɗana akwai masu kanti biyu, ɗaya a Wuse, ɗaya a Kubwa. Idan kowannensu ya riƙa ɗaukar roba 48 a wata a farashin sari, inda ribar ta sauko zuwa 250, wata biyu sun isa su cike giɓin, abin da ya biyo baya kuma riba ce. Saboda irin waɗannan mutane ake kama rumfa. Shi ya sa ƙwararru kan ajiye littafi a kan tebur, su rubuta sunan duk wanda ya tambayi farashin katan, da lambar wayarsa da unguwar da shagonsa yake, su kira shi cikin mako guda da rufe kasuwa, tun bai manta ɗanɗanon ba.

A nan ne amfanin ƙungiya na biyu yake fitowa. Mai kanti yakan so a ba shi kaya ya biya bayan ya sayar, mai yaji kuwa tana tsoron ba baƙo bashi. Idan ta tuntuɓi shugabannin ƙungiyar kasuwar da shagonsa yake, za ta ji ko mai cika alkawari ne. In saɓani ya taso, su ake fara kai wa ƙara, kuma ɗan kasuwa ba ya son sunansa ya ɓaci a layinsu. Shi ma yakan fi sakin jiki da wadda ƙungiya ta sani.

Akwai wuraren da ake tuntuɓe. Manyan kantuna ba sa karɓar abincin da aka ƙunshe ba tare da lambar hukumar NAFDAC ba, kuma sukan nemi rajistar sunan kasuwanci ta hukumar CAC. Wanda ya je ba su a hannu, zai sha yabo amma ba zai ga oda ba. Raba rumfa da mai kaya iri ɗaya kan jawo karya farashi, gara mai yaji ta zauna da mai kilishi ko mai zuma. Haka nan wadda take iya haɗa katan biyar a mako, in ta amsa odar ashirin ta gaza, ta rasa mai sayen, ta kuma kunyata ƙungiyar da ta tsaya mata.

Ita ma ƙungiyar ana auna ta kafin a fara biyan kuɗin wata. A tambayi mambobinta rumfa nawa aka kama musu bara, da bashi nawa aka karɓo wa masu shi. Mai yajin kuma, bayan wata uku, sai ta buɗe littafinta ta ƙirga mutum nawa suka sake yin oda. Wannan adadin ne zai nuna mata ko ta sake kama rumfa baɗi.