Giram 2.65 da Zoben da ke Wuyan Kwalba

A ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na makarantar sakandare, musamman idan jarrabawar WAEC ko NECO ta gabato, ana ganin kwalabe jere a kan tebur, kowace da takarda a jikinta, wata an rubuta 0.1 M, wata 2 M. Ruwan da ke ciki fari ne tas, ido ba zai bambanta shi da na randa ba. Amma lambar nan ita ce ɗalibi zai gina duk lissafinsa a kanta, kuma idan wanda ya haɗa ruwan ya kuskure, aji guda zai samu amsar da ba daidai ba, ba tare da laifin kowane yaro ba.

Harafin M yana faɗin yawan mol na sinadari da ke cikin lita ɗaya. Mol kuwa ƙidaya ce irin ta dozin, sai dai adadinsa ya kai 6.02 × 10²³ na ƙwayoyin sinadarin. Tun da ba mai iya ƙirga su, sai a koma ga sikeli, domin mol ɗaya na kowane sinadari yana da sanannen nauyi. Mu ɗauki sodiyam kabonet, Na₂CO₃, farin garin da makarantu suka fi amfani da shi. Sinadarin yana cikin kanwa, amma kanwar kasuwa gauraye take da gishiri da ƙasa, don haka ba ta yin wannan aiki. Mol ɗaya na tsantsarsa giram 106 ne.

A ce malami yana son mililita 250 mai ƙarfin 0.1 M. Mililita 250 rubu'in lita ne, wato 0.25. Idan lita cikakkiya na buƙatar mol 0.1, rubu'inta na buƙatar mol 0.025. A ninka wannan sau 106, sai a samu giram 2.65. Lissafin ke nan, kuma shi ne mafi sauƙi a cikin aikin.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne a ɗauka cewa za a auno ruwa mililita 250 a zuba garin a ciki. Ba haka ba ne. Abin da ake aunawa shi ne ruwan bayan an gama haɗi, shi da sinadarin da ya narke a cikinsa, domin narkewar gari tana sauya yawan ruwa ko da kaɗan ne. Saboda haka ne aka ƙera wata kwalba ta musamman mai tumbi da dogon siririn wuya, da zobe guda ɗaya tak da aka zana a wuyan. An siranta wuyan ne da gangan, don ɗigo biyu ko uku su motsa saman ruwan har ido ya gani.

Da farko a auna garin, a juye shi a kofin gilashi, a zuba tataccen ruwa kamar mililita 100, a dama da sandar gilashi har ya narke sarai. Tataccen ruwa a nan shi ne wanda aka tafasa aka tara tururinsa. Na rijiya ko na burtsatse sau da yawa yana ɗauke da kalsiyam, wanda ke kama kabonet ɗin ya mai da ruwan gurɓi-gurɓi, kuma duk abin da ya kama ya fita daga lissafi. Sai a juye narkakken a kwalbar ta mazurari. Daga nan a ɗauraye abin da aka auna garin a kansa, da kofin, da sandar, da mazurarin, sau biyu ko uku, ana zuba ruwan ɗaurayar duka a kwalbar. A ganina wannan ɗauraya ita ce ke nuna wanda ya san aikin, domin ɗigon da ya maƙale a kofi wani yanki ne na giram 2.65 ɗin nan da aka sha wahalar aunawa.

Idan kwalbar ta yi ɗumi a hannu, a bari ta huce tukuna, saboda ruwa mai ɗumi yana kumbura, in ya huce ya sauka ƙasa da zoben. Sai a yi ta ƙara ruwa har a kusa zoben, sannan a koma ɗigo-ɗigo. Saman ruwa a cikin siririn gilashi yana lotsawa a tsakiya, kuma ƙasan lotsawar ne zai zauna a kan zoben. Dole mai aikin ya sunkuya idonsa ya yi daidai da zoben. In aka zarce, tsotse rarar ba ta gyara komai, domin ruwan ya riga ya tsinke, kuma abin da aka tsotse da sinadari a cikinsa. Sai dai a zubar a sake. In an dace, a toshe bakin, a yi ta kifa kwalbar ana miƙar da ita har ta gauraya, sannan a rubuta suna da ƙarfi da kwanan wata.

Akwai wani tarko a jikin gwangwanin sinadarin kansa. Sodiyam kabonet iri biyu ne a kanta. Ɗaya busasshe ne, shi ne mai giram 106. Ɗayan, Na₂CO₃·10H₂O, yana riƙe da ruwa a cikin ƙwayoyinsa, kuma mol ɗinsa giram 286 ne, don haka giram 7.15 ake buƙata. Wanda ya auni 2.65 na wannan bai karanta takarda ba zai samu ƙarfin 0.037 M kawai. Yanayi ma na da hannu: busasshen yana jan laima da damina in an bar shi a buɗe, shi ya sa ake gasa shi kafin awo, mai ruwan kuma yana zubar da ruwansa da hunturu ya koma gari.

Hanya ta biyu ita ce tsinka ruwa mai ƙarfi da ake da shi a ajiye. Ƙarin ruwa ba ya rage mol ko ɗaya, baza su kawai yake yi, abin da ake rubutawa C₁V₁ = C₂V₂. A ce akwai asid HCl mai 2 M, ana son mililita 250 mai 0.2 M. A ninka 0.2 sau 250, a raba da 2, an samu mililita 25. Za a ɗebi wannan da fifet, siririn bututun awo, bayan an ɗauraye shi da asid ɗin kansa, kuma da robar zuƙa, ba da baki ba. A fara zuba ruwa a kwalbar, asid ya biyo baya, sannan a cika zuwa zobe. Ba a taɓa zuba ruwa a kan asid mai ƙarfi, musamman H₂SO₄ da aka sani da ruwan batir, domin zafin da ke tashi yana iya fantsamo shi a fuska. Tabarau na kariya wajibi ne.

To, ta yaya za a san an dace? A haɗa su biyun. Mol ɗaya na kabonet yana cin mol biyu na HCl, saboda haka mililita 25 na kabonet ɗinmu zai buƙaci mililita 25 na asid ɗin kafin alamar metil oranj ta juya daga rawaya zuwa ruwan lemo. Idan ta juya tun a wajen mililita 9, mai ruwan nan aka auna a matsayin busasshe. Idan kuma sai da aka wuce 25 sosai, asid ɗin ne bai kai ba, abin da ke yawan faruwa saboda HCl mai ƙarfi yana hucewa duk sanda aka buɗe kwalbarsa. A nan kabonet ɗin ake gaskatawa, a lissafa ainihin ƙarfin asid ɗin daga abin da aka karanta, a sauya takardar da ke jikinsa.