Kafin a Karɓi Fassarar Takardar Mutuwa

Idan ajali ya riski ɗan'uwa a wani asibitin Alƙahira, takardun da za a miƙo wa dangi da Larabci suke, alhali kamfanin jirgi da banki da kotu a Nijeriya na Turanci za su nema. Mai fassara kan gama aikin a yini guda, a biya shi, kowa ya kama gabansa. Sau da yawa matsalar sai bayan an yi sadakar arba'in take ɓullowa.

Wurin da ya fi haɗari shi ne dalilin mutuwa. A tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, likita yana jera dalilai ne layi-layi. Layin sama shi ne abin da ya ƙarasa mamaci, na ƙasa kuma shi ne tushen ciwon. Ɗauki mai ciwon suga da ƙodarsa ta gaza: a sama za a ga gazawar ƙoda, a ƙasa ciwon suga, tsakaninsu da kalmar da ke nufin "sakamakon". Mai fassarar da ya dunƙule su a jimla ɗaya, ko ya juya jerin, ya sauya hukuncin likita. Kamfanin inshora kuwa layin ƙasan yake fara dubawa, don ya ga ko ciwon ya riga yarjejeniyar.

Akwai kuma kalmomi masu kama da juna. "Sakta ƙalbiyya" tsayawar zuciya ce, "sakta dimagiyya" kuwa ita ce ke kawo shanyewar ɓarin jiki. Tsayawar zuciya ma ba sunan cuta ba ne, ai kowane mamaci zuciyarsa ta tsaya. Idan ita kaɗai likita ya rubuta, haka za a fassara, ba a yi masa ƙari. Haka nan ba a sassauta sunan cuta mai yaɗuwa don kunya ko don jirgi ya ɗauki gawa. Ma'aikatan lafiya na filin jirgi kan gwada takardar da sauran takardun rakiya, saɓani kaɗan zai iya sa a riƙe akwatin gawar.

Ga masu rabon gado, rana da sa'a sun fi komai. Idan uba da ɗa suka rasu a hatsari ɗaya, wanda ya jinkirta, ko da sa'a guda, ya gaji wanda ya riga shi. In ba a san wanda ya riga ba, a mazhabar Malikiyya babu gado tsakaninsu. Takaba ma daga ranar rasuwa ake ƙirga ta. Ga shi kuma biyar ɗin Larabci kama take da sifili, shida kama da bakwai.

Kafin ka biya, sa mai karanta Larabci ya bi takardun biyu layi da layi, kuma a rubuta sunan mamaci harafi da harafi yadda yake a fasfo.