Farin Layin da Ke Kewaye Gashi a Hoto: Daga Ina Yake Fitowa, Yaya Ake Kawar da Shi?

Kowa ya taɓa ganin irin wannan a katin gayyata ko fostar bangon titi. An ciro hoton mutum daga inda aka ɗauke shi, an ɗora a kan shuɗi ko baƙi, komai ya zauna daram, sai dai kan nan an zagaye shi da wani siririn farin layi mai ƙyalli. A kafaɗa da gefen riga ba ya cika damun ido. Inda yake tona asiri shi ne gashi, musamman mai nannaɗe irin na yaranmu idan ba a yi musu kitso ko aski ba. Masu koyon aikin sukan ɗauka ba su goge bangon sosai ba ne, sai su ƙara gogewa har su cinye gashin, layin kuma yana nan. Dalili kuwa shi ne farin ba a bayan gashin yake ba. A cikinsa yake.

Hoton kamara tarin ƙananan ɗigo ne masu kusurwa huɗu, waɗanda ake kira fiksel, kuma kowane fiksel launi ɗaya kawai yake iya ɗauka. Silin gashi sau da yawa bai kai faɗin fiksel ɗaya ba, ko kuma ya ratsa ta gefensa. To me kamara za ta rubuta a wurin da rabinsa gashi ne, rabinsa farin bango? Sai ta gauraya su ta ba da ruwan toka. Kamar shayi ne da aka zuba wa madara: ba ka da cokalin da zai tsamo madarar. Gefen kafaɗa layi ɗaya ne, don haka gaurayayyun fiksel ɗinsa ba su da yawa. Nannaɗaɗɗen gashi kuwa kusan dukkan bakinsa gauraye ne, ga kuma ƙananan ramuka a tsakanin kowane murɗi waɗanda bango ke leƙowa ta cikinsu.

Mu ɗauki hoton wata yarinya da aka ɗauka a situdiyo a gaban farin ƙyalle, ana so a ɗora ta a kan katin zagayowar ranar haihuwa mai launin shuɗi mai duhu. Kwamfuta tana auna haske daga 0, wato baƙi wuluk, zuwa 255, wato fari fat. A ce gashinta 30 ne, ƙyallen 240, shuɗin katin kuma 40. Wani fiksel a bakin gashin, kashi 40 cikin ɗari gashi ne, kashi 60 ƙyalle. Lissafinsa: 12 daga gashi, 144 daga ƙyalle, jimla 156. A kan farin ƙyalle babu wanda zai lura da shi. Amma ka yanko shi yadda yake ka ajiye tsakanin gashi mai 30 da shuɗi mai 40, ya fi kowannensu haske nesa ba kusa ba. Dubban irinsa a jere su ne farin layin.

Masana sun daɗe da rubuta wannan lissafi. Thomas Porter da Tom Duff sun fitar da ƙa'idojin haɗa hotuna a 1984 lokacin suna aiki a Lucasfilm, kuma a taƙaice ga abin da ke faruwa a kowane fiksel:

```
C = αF + (1 − α)B
```

C shi ne launin da ido ke gani, F launin gashi, B launin bango, α kuma yawan kason gashi a wurin. Aikin gyaran baki gaba ɗaya ƙoƙari ne na gano abu biyu daga C kaɗai: kaso nawa ne gashi, kuma mene ne ainihin launinsa kafin bango ya shiga.

Abin da kowa ke fara kai hannu gare shi shi ne Feather. Idan ka zaɓi mutum a Photoshop ka yi masa Layer Mask, abin da aka shafa wa fari yana fitowa, abin da aka shafa wa baƙi yana ɓuya, ruwan toka kuma yana fitowa rabi da rabi. Feather yana dusar da iyakar da ke tsakanin farin da baƙin, yadda gefen hoton zai narke a hankali cikin sabon bango maimakon ya tsaya kamar an yanka da almakashi. Yana da amfani, domin babu gefen da ke da kaifi ɗari bisa ɗari a hoton gaske. Amma mutane suna ɗora masa nauyin da ba nasa ba. Shi bai san gashi ba, bai san ƙyalle ba. Dusarwar tasa tana bazuwa ciki da waje ne daidai wa daida, wato yana ɓoye ɗan gashi, yana kuma jawo ɗan farin ƙyalle da a da yake waje. Ka ba shi 10 px a hoton yarinyar nan, siririn layin zai koma farin hazo da ya lulluɓe kanta. Ni a ganina wannan ya fi layin muni.

Yadda yake aiki da kyau shi ne a ba shi kaɗan a haɗa shi da Shift Edge. A hoto mai faɗin fiksel 4000, daga 0.5 zuwa 1 px ya wadatar, sannan a ja Shift Edge zuwa wajen −10% ko −20%. Wannan yana tura iyakar ciki, yadda wurin narkewar zai faɗa a kan jikin mutum ba a kan ƙyalle ba. Su biyun tare suke tafiya, domin Shift Edge gefe mai laushi yake turawa. Idan gefen a bushe yake, ko ka ja shi ba za ka ga wani canji na kirki ba. Da wannan kaɗai kafaɗa da kunne da wuyan riga sun fita tsaf.

Gashi fa? Nan wannan dabara ta gaza. Ka tura iyaka ciki da fiksel biyu, silin da faɗinsa fiksel biyu ne ya tafi ke nan, yarinya ta koma kamar an kifa mata hula. Ramukan cikin murɗin kuma suna nan fari fat, tunda ba a kan iyaka suke ba. Shi ya sa ake raba aikin gida biyu, jiki daban, gashi daban.

Na gashin ana yin sa ne a Select and Mask, wanda ya maye gurbin tsohon Refine Edge a 2016. Ka fara sauya View zuwa On Black don farin ya fito fili. Sannan ka ɗauki Refine Edge Brush, ka daidaita girmansa ya ɗan fi tsawon silin da suka fito waje, ka bi bakin gashin kana shafawa. Abin da kake gaya wa manhajar shi ne: wannan yankin ban san wane ne wane ba, ke duba. Sai ta kwatanta kowane fiksel da launin gashin da ta tabbatar a ciki da launin bangon da ta tabbatar a waje, ta ƙiyasta kasonsa. Fiksel ɗinmu mai 156 zai samu α kusa da 0.4. Ramukan ma za su buɗe idan burushin ya taɓa su. Hattara ɗaya: kada ka shiga tsakiyar kai da shi. Duk inda man gashi ya ɗauki ƙyalli, manhajar za ta iya ɗaukarsa a matsayin bango ta huda wurin. Don ganin ko hakan ta faru, sauya View zuwa Black & White. Tsakiyar kai ya kamata ya zama fari tas. Idan ka ga dabbare-dabbaren toka, mayar da su da Brush Tool. Smooth kuma a bar shi a 0 ko kusa da haka, don aikinsa shafe ƙananan lanƙwasa ne, su kuwa lanƙwasan nan su ne gashin.

An samu kaso, amma saura launi, kuma nan ne da yawa suke tsayawa su yi mamakin ganin farin bai gama tafiya ba. Koma kan lissafi. Fiksel ɗin yanzu yana fitowa kashi 40 ne kawai, amma launinsa har yanzu 156 ne. Kashi 40 na 156 ya kai 62, kashi 60 na shuɗi mai 40 ya ba da 24, jimla 86. Ya sauko daga 156, amma abin da ya kamata a gani, da a gaban shuɗin aka ɗauki hoton tun farko, shi ne 12 da 24, wato 36. Tazarar da ke tsakanin 86 da 36 ita ce wannan fatsi-fatsin da ke sa gashin yarinya ya yi kamar furfura a baki-baki.

Decontaminate Colors aka yi don wannan. Yana cire launin gaurayayyun fiksel ya sa musu launin gashin da ke kusa da su. Tunda yana taɓa hoton kansa ne ba abin rufewar kawai ba, Photoshop ba ya barin ka ajiye sakamakon a kan na asali, sai a sabon Layer. Wani lokaci yakan wuce gona da iri, gefen gashin ya yi kauri ya dame kamar an shafa kwalli da yatsa. Idan ka ga haka, rage Amount, ko ka yi aikin da hannu: buɗe sabon Layer a saman hoton, danna Ctrl+Alt+G don ya manne da shi, sa shi a Darken, ɗebo launi daga cikin gashin, ka bi bakin da burushi mai laushi. Darken ba ya taɓa abin da ya riga ya fi fentin duhu, fari-farin kawai yake rufewa. Wannan hanya ta fi cin lokaci, amma ita na fi yarda da ita a hoton da za a buga babba.

Kafin ka ce ka gama, saka Solid Color a ƙarƙashin hoton, gwada baƙi, gwada ja, ka zuƙo zuwa 200%. A kan dara-daran fari da toka da Photoshop ke nunawa, farin layi ɓuya yake yi. Idan kuma ba a ɗora sabon bangon ba tukuna, a ajiye da PNG, domin JPEG ba ya riƙe wurin da babu komai, cike shi yake yi da launi.

Akwai farin da duk waɗannan ba sa maganinsa. Idan fitila ko rana tana bayan mutum, gefen gashinsa ya ɗauki haske na gaske, kuma kashe shi gaba ɗaya yakan sa kan ya mutu. Gara a zaɓi sabon bango mai haske wanda zai karɓe shi. Hoton da ya bi ta WhatsApp a matsayin hoto, an riga an rage shi an matse shi, silin gashin sun dame da bango, don haka a nemi mai shi ya sake turowa ta Document. Mai ɗaukar hoto kuma, idan ya san a kan duhu za a ɗora, ya yi amfani da ƙyalle ruwan toka maimakon fari, ya matso da yarinyar gaba kamar taku biyu ko uku don hasken ƙyallen kada ya dawo kan gashinta. Da ƙyalle mai 120, fiksel ɗin nan zai fara ne daga 84 maimakon 156, tun ba a buɗe kwamfuta ba.